Talatu da Akuyar Kaka: Kundin Aikin Ƙarasa Labari

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yayata da ke zaune a Bukuru ta aiko mini da hoton shafi ɗaya na littafin rubutun 'yarta, wadda take aji biyar na firamare, ta ce yarinyar ta fara wani labari a lokacin hutu ta tsaya, kuma ta roƙi a gaya wa kawunta ya ƙarasa mata. Littafin irin mai fallaye 40 ne da ake sayarwa a kowane shago, mai jan layi a gefen hagu, an yi rubutun da shuɗin biro. An ɗauki hoton da dare, saboda haka inuwar wayar ta sauka a kan kusurwar ƙasa ta dama, babban yatsan da ya danne takardar kuma ya rufe farkon layuka biyu. Na nemi a sake ɗauka da rana, a shimfiɗa littafin a kan tabarma kusa da ƙofa, a danne gefensa da wani abu mai nauyi maimakon hannu, a riƙe wayar daidai saman shafin ba a karkace ba. Hoto na biyu ya fito sarai.

Na yi kwafi biyu. Na farko na bi rubutunta harafi da harafi, ban gyara komai ba, domin shi ne abin da zan riƙa komawa gare shi idan wata shakka ta taso. Na biyu na daidaita shi da ƙa'idar rubutu: na haɗe "ta na" ya zama "tana", na raba "bata" ya zama "ba ta" inda korewa take nufi, na sa lanƙwasa a haruffan da ke buƙatarta, na kuma mayar da "akuyan" zuwa "akuyar", ko da yake haka mutane da yawa suke faɗa a nan Jos. Ga kwafi na biyu:

"Wata rana akwai wata yarinya sunanta Talatu. Tana zaune da kakarta a bayan Bukuru. Kakarta tana da akuya guda ɗaya mai baƙin kunne, kuma ta ɗaura mata ƙararrawa a wuya. Kullum da yamma Talatu ce take zuwa ta koro ta gida. Kakarta ta ce mata kada ta taɓa bin hanyar kududdufi ko da rana ce. Ran nan sanyi ya yi yawa, Talatu ta sa jar rigar sanyin yayanta wadda ta yi mata yawa. Ta je inda akuyar take kiwo ba ta gan ta ba, sai igiya kawai. Sai ta ji ƙararrawa tana kaɗawa ta wajen kududdufi. Ta tsaya tana tunani. Sai kura ta tashi, Talatu ta rufe ido, da ta buɗe sai ta ga"

Nan layin ƙarshe na shafin ya ƙare, kuma yayata ta tabbatar mini cewa bayan shafin lissafin raba lambobi ne.

Lahadi, 5 ga Janairu

Kalma ɗaya ce kawai na bari yadda take a kwafi na biyu, domin a kanta irin labarin da zan rubuta ya rataya. Yarinyar ba ta lanƙwasa ko harafi ɗaya a shafin ba: ta rubuta "kararrawa" da "bakin kunne" da "daya". Saboda haka "kura ta tashi" na iya zama dabbar daji ce ta miƙe daga inda take kwance, ko kuma ƙurar hunturu ce iska ta kwaso. Idan dabba ce, to tatsuniya nake ƙarasawa, inda kura za ta yi magana, ta yi kwaɗayi, a yi mata wayo. Idan ƙura ce, labarin yana nan a duniyar da yarinyar take gani idan ta fita ƙofar gidansu.

Na sa yayata ta tambaye ta a waya, sai ta ce ta manta, wai shi ya sa ma ta tsaya. Don haka shafin ne zai yanke hukunci, kuma hujjojinsa sun fi karkata gefe guda. Ba ta buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" ba, ta kuma ambaci gari na gaskiya. Duk abin da ta shigo da shi sabo ta gabatar da shi tukuna, kamar "wata yarinya" da "akuya guda ɗaya", saboda haka da dabba take nufi da ta ce "sai ga wata kura". Kuma rufe ido shi ne abin da kowa yake yi idan iskar Janairu ta watso masa ƙasa a fuska. Na sa lanƙwasa a kan harafin.

Laraba, 8 ga Janairu

Kafin in rubuta jimla ko ɗaya na zauna na fitar da abubuwan da shafin ya ajiye a gaban mai karatu. Ra'ayina a kan irin wannan aiki shi ne, duk abin da marubucin farko ya ambata bashi ne a wuyan wanda ya karɓi labarin, kuma ba shi da ikon ciyo sabon bashi kafin ya biya na hannu. Akwai ƙararrawa, akwai igiyar da aka tarar ba akuya, akwai gargaɗin Kaka, akwai sanyi, akwai kuma jar riga wadda aka ce ta yayanta ce kuma ta yi mata yawa. Wannan bayani na ƙarshe shi ya fi ɗaukar hankalina, domin yarinya mai shekara goma ba ta ɓata tawada a kan girman riga haka kawai. Ko ba ta san dalili ba, ta ba rigar nauyin da ya wajaba a yi wani aiki da ita.

Sai babbar tambaya: me Talatu ta gani? Amsar da ta fi sauƙi ita ce aljani ko wata mata mai fararen kaya a bakin ruwa, kuma na san yara za su so haka. Na ƙi ta ne saboda ba ta biyan komai daga cikin abin da ke shafin, illa ma ta kawo sabuwar duniya mai nata dokoki da zan ɓata shafuka ina bayani. Ɓarawon akuya ya fi dacewa da igiyar, amma ɓarawo mai hankali cire ƙararrawar zai fara yi, kuma da zarar ya shigo, labarin ya bar hannun Talatu ya koma hannun manya da 'yan banga.

Abin da na tsayar shi ne ta ga ƙararrawar ita kaɗai, zarenta ya maƙale a jikin shinge, iskar da ta tayar da ƙurar ita ce take kaɗa ta. Da wannan, ƙura da ƙararrawa sun zama abu guda mai sanadi guda, tsoron kuma ya ƙaru maimakon ya ragu, tun da sautin da take bi ba ya nuna inda akuyar take. Dalilin ɓatan akuyar kuwa shi ne haihuwa. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, kuma idan naƙuda ta zo mata takan ware daga sauran dabbobi ta nemi lungu, ta yi ta fizgar igiya idan a ɗaure take. Ɗan akuyar da aka haifa da yamma a cikin sanyin Filato yana jiƙe, ga iska, zai iya mutuwa kafin gari ya waye. A nan rigar da ta yi yawa za ta sami aikinta.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je Bukuru da la'asar domin in ga wurin da idona, tun da a cikin gari nake zaune kuma ban cika zuwa bakin waɗannan ruwaye ba. Kududdufan wannan yanki ba irin na ƙauyukan Kano ko Katsina ba ne, waɗanda aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini. Ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka yi ta haƙawa tun farkon ƙarni na 20, suka tafi suka bar su, ruwa ya cika su. Wanda na tsaya a kai ba shi da gaɓa mai sauƙin sauka. Ƙasa tana tafiya a shimfiɗe, sai kawai ta yanke ta gangara, ruwan yana can ƙasa, koren duhu, ba ya motsi. A gefe akwai tulin jar ƙasar da aka fitar daga ramin, ruwan sama ya zaizaye ta ya yi mata kwaruruka, da 'yan itatuwan turare a samanta. Daga ɗaya gefen kuma lambuna ne na noman rani, kabeji da karas da tumatir, an ja tiyo daga injin ban ruwa da ke bakin ramin, an kewaye wasu da shingen ƙyarana.

Abubuwa uku na ɗauko domin labarin. Na farko, akwai 'yan kantoci a jikin gangaren, ƙasa da baki kaɗan, inda iska ba ta kaiwa, kuma daidai irin wurin da akuya za ta zaɓa ke nan. Na biyu, ƙasar bakin ramin tana rugujewa idan aka taka, saboda haka haɗarin gaskiya ne, bai kamata labarin yara ya nuna yarinya ta sauka ita kaɗai ta hau lafiya a matsayin jarumta ba. Dole wani babba ya kasance a kusa, kuma mai lambun da ke kashe injinsa gab da magariba ya wadatar. Na uku shi ne lokaci. A wannan wata rana tana faɗuwa bayan ƙarfe shida da kwata, duhu kuma ba ya jira, don haka duk abin da zai faru daga buɗe idon Talatu zuwa komawarta gida bai kamata ya wuce abin da zai yiwu cikin rabin sa'a ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Wannan makon ya tafi ne a kan murya, wadda ita ce mafi wuyar aikin. Na ƙirga shafinta: jimloli goma, mafi yawansu ba su wuce kalmomi goma sha biyar ba. Tana jera aiki bayan aiki, "ta je", "ta ji", "ta tsaya", tana haɗa su da "sai", kuma ba ta faɗin abin da ke zuciyar Talatu in ban da "tana tunani". Babu karin magana, babu kwatance, babu kalmar da ba a faɗa a tsakar gida. Hannun babba kuwa da kansa yake zamewa zuwa wani salo. Ga irin jimlar da ke fitowa idan aka sake shi:

"Al'amarin da ta gani ya yi matuƙar girgiza ta, domin kuwa babu akuya babu dalilinta, face ƙararrawar da ke reto a jikin shinge tamkar mai yi mata ba'a."

Jimlar ba ta da aibi a nahawu, amma duk wanda ya karanta shafin farko zai ji an canza mutum a tsakiyar magana. Alamomin a fili suke: "al'amarin", "matuƙar", "face", "tamkar", da kuma gaya wa mai karatu abin da ya kamata ya ji kafin a nuna masa abin da ya faru. Hanyar da nake gwadawa ita ce in karanta layuka uku na ƙarshe na yarinyar da babbar murya, in zarce cikin nawa ba tare da numfasawa ba. Idan harshena ya yi tuntuɓe a mahaɗar, ko muryata ta koma ta mai karanta labarai a rediyo, to jimlar ba ta zauna ba. Ga wadda ta tsira:

"ƙararrawar a jikin shinge, iska tana kaɗa ta. Babu akuya. Ta ciro ta ta riƙe a hannu don ta daina ƙara. Da ƙarar ta tsaya sai ta ji wani kuka ƙarami, ba irin na akuyarsu ba. Kukan daga ƙasa yake fitowa, daga wajen da Kaka ta hana."

Wani abin lura na nahawu: shafin farko mutum ɗaya yake bi, don haka bai nuna yadda jam'i zai kasance ba. Da mai lambu ya shigo, aikin da suka yi tare dole ya zo da "suka", kamar "suka leƙa, suka ga", domin shi ne ke tafiyar da labari gaba. Idan "sun leƙa, sun ga" ya shigo a tsakiyar jeri, labarin yakan tsaya cak ya koma rahoto. Ban kwaikwayi kurakuranta na rubutu ba, domin yin haka raina ta ne. Tsawon numfashinta da irin kalmominta su nake bi.

Lahadi, 19 ga Janairu

An sami matsala a ginin labarin. Shafin farko bai ce akuyar tana da ciki ba, kuma ba ni da ikon komawa in ƙara masa kalma. Idan ɗan akuya ya bayyana ba tare da shiri ba, mai karatu zai ji an yaudare shi. Maganin da na samu shi ne in dasa alamar a farkon shafi na biyu, kafin Talatu ta leƙa ramin, ta hanyar tunawa: da safe Kaka ta tsuguna ta duba akuyar ta ce hantsarta ta cika, a riƙa ɗaure ta kusa da gida, Talatu kuwa ta kai ta nesa saboda ciyawa ta fi yawa a can. Yaron da ya taso a gidan da ake kiwo zai gane tun daga nan, wanda bai sani ba kuma zai gane daga baya. Wannan ya ba Talatu ɗan laifi nata na kanta, wanda ya sa shawararta ta bin hanyar da aka hana ta yi ma'ana.

Batun yayan da ke da rigar kuma, na ga inda labarin yake jan hannuna: a ce ya nutse a kududdufin, shi ya sa Kaka take hani. Hakan zai ɗaure komai wuri guda, amma na ƙi. Babu alamar makoki ko kaɗan a shafin, kuma ban ga dacewar in mayar wa yarinya labarin akuyarta da gawa a ciki ba. Yayan yana makarantar kwana, rigar ta yi masa kaɗan ya bar ta. Dalilin Kaka zai fito daga tarihin wurin: mahaifinta leburan kuza ne, ta kai masa abinci bakin ramin tana ƙarama lokacin babu ruwa a ciki, ta ga mutane a ƙasansa ƙanana saboda zurfi. Ita ta san abin da ke ƙarƙashin ruwan, jikarta kuwa samansa kawai take gani.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na kammala shafi na uku, wanda shi ne tsakiyar labarin. Talatu ba ta sauka ba. Ta kwanta rub da ciki nesa da baki ta leƙa, ta gane akuyar da baƙin kunnenta, sannan ta kaɗa ƙararrawar da ƙarfi har mai lambu ya ji ya zo. Ga yadda wurin ya tsaya:

"Tsohon ya ce, 'Yarinya, ja da baya, ƙasar nan ba ta da amana.' Ya ɗaura igiya a gindin turare ya sauka a hankali. Ya miƙo ɗan akuyar, jikinsa a jiƙe yana rawar sanyi. Talatu ta cire jar rigar ta naɗe shi, rigar ta zagaye shi sau biyu, ta bar kansa a waje. Tsohon ya ce, 'Kada ki ɗaga shi sama. Riƙe shi ƙasa-ƙasa inda uwar za ta gan shi ta ji warinsa, za ta bi ki har gida ba sai da igiya ba.' Suka kama hanya, Talatu a gaba, akuya a baya tana kuka, tsohon yana haska musu da tocila."

Igiyar da tsohon ya ɗaura ita ce wadda Talatu ta tarar a turke, na koma shafi na biyu na sa ta ɗauko ta a hannu. Na daɗe a kan ko igiyar ɗaure akuya za ta ɗauki nauyin mutum, na kuma daidaita da cewa riƙo kawai yake yi da ita a gangaren da bai kai tsayinsa biyu ba, ba lilo yake yi ba. Na bar akuyar ta hau da kanta, domin duk wanda ya ga awaki a kan duwatsun Jos ya san ba su buƙatar taimako a nan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai wa mai labarin shafuka huɗu, na karanta mata a tsakar gida, mahaifiyarta tana tsintar acca a gefe. Ta saurara ba ta katse ni ba har zuwa inda Kaka ta karɓi ɗan akuyar ta sa wa Talatu albarka. A nan ta ce, "Kawu, Kaka ba ta yi faɗa ba? Ai ta ce kada ta taɓa bi." Ta yi gaskiya, domin gargaɗin da aka yi da kalmar "taɓa" ba ya wucewa da sa albarka kawai, kuma kakar da ke shafin farko ba mai sakaci da maganarta ba ce. Ta kuma ce akuyar da ta haihu ya kamata a ba ta dusa da ruwan ɗumi, haka ake yi a gidansu, ta ƙara da cewa ba ta son tsohon ya tafi ba a ba shi komai ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na sake gina shafi na huɗu bisa abin da ta faɗa. Yanzu Kaka tana tsaye a ƙofa da fitila, ba ta ce wa Talatu uffan ba. Ta gode wa tsohon, ta sa an ɗebo masa dafaffen dankali a kwano, ta dama wa akuyar dusa da ruwan ɗumi, ta kwantar da ɗan kusa da murhu. Sai da komai ya natsa ta kira jikarta ta zaunar da ita, ta yi mata faɗa, kuma a cikin faɗan ne labarin mahaifin Kaka da zurfin ramin ya fito, wanda ya fi zama daidai a nan fiye da inda na sa shi da farko. Hukuncin shi ne Talatu ba za ta sake kai akuyar kiwo ita kaɗai ba har yayanta ya dawo hutu, kuma ita za ta wanke rigar da safe.

Cigaban ya tsaya a kalmomi kusan 600, wato ninki biyar na shafin farko da ɗan ɗori, kuma ba na son ya wuce haka kada nawa ya danne nata. Abin da ya rage shi ne a buga shi da manyan haruffa, a sa hoton shafinta a farko yadda yake, da jan layinsa da inda ta soke kalma, sannan a ja ɗan layi a daidai "sai ta ga" domin mai karatu ya san inda hannu ya canza. Sunan ɗan akuyar ta ce ita za ta raɗa, don haka na bar gurbinsa a wurare uku a shafi na huɗu, za ta cike da biro idan na kai mata ranar Asabar mai zuwa.